Kaza da Dainoso: Shaidar da Ke Kwance Cikin Ƙashi

A shekarar 1951, a wata mahaƙar dutse kusa da garin Eichstätt na kudancin Jamus, an tsaga wani falalen dutse aka tarar da ƙwarangwal ɗin wata 'yar halitta kwance a ciki. Tana da haƙora, da doguwar wutsiya mai gaɓoɓi, da yatsu uku masu farata a kowane hannu. Aka duba aka ce ɗan Kwamsonatus ne, wani ƙaramin dainoso mai gudu da ƙafa biyu wanda dama an san shi a duwatsun yankin. Da wannan suna ya zauna shekara ashirin da 'yan kai, har sai da aka sake dubansa da kyau aka lura da sawun gashi dishi-dishi a gefen hannuwa da wutsiya. Ashe Arkiyofteriks ne, halittar da littattafai suka daɗe suna kira tsuntsu mafi tsufa a duniya.

Kuskuren ba na rashin sani ba ne. Wanda ya yi shi ya karanta ƙashin daidai: idan aka ɗauke gashin, abin da ya rage a jikin Arkiyofteriks ƙaramin dainoso ne. Wannan ita ce maganar da masana burbushin halittu suka shafe fiye da ƙarni guda suna ja-in-ja a kanta, kuma yau kusan dukkansu sun tsaya a kan matsaya ɗaya, cewa tsuntsaye reshe ne na dainoso masu tafiya da ƙafa biyu da ake kira terofoda. Abin da ya fi ba da sha'awa shi ne yadda aka kai ga wannan matsaya, domin kusan duk abin da muke ɗauka alamar tsuntsu ce, daga gashi zuwa kwanci a kan ƙwai, an same shi a jikin dabbobin da ba su taɓa tashi sama ba.

Daga Solnhofen zuwa Landan

Dutsen farar ƙasa na yankin Solnhofen asalinsa laka ce mai laushi da ta kwanta a ƙasan wasu tafkuna masu gishiri a bakin teku, kimanin shekara miliyan 150 da suka wuce. Ruwan ƙasan ba shi da iskar da tsutsa ko kaguwa za su rayu, saboda haka abin da ya nutse ba mai taɓa shi, lakar kuma ta yi laushin da take ɗaukar sawun ko da fiffiken mazari. A 1861 Hermann von Meyer ya bayyana gashin tsuntsu guda ɗaya tak daga wannan dutse. A shekarar ne kuma ƙwarangwal mai gashi ya faɗa hannun wani likita, Karl Häberlein, wanda ya sayar wa gidan tarihin Birtaniya shi haɗe da sauran tarin duwatsunsa a kan fam 700. Shekara biyu ke nan da fitowar littafin Charles Darwin a kan asalin jinsunan halittu, don haka dutsen ya iso Landan ana tsakiyar muhawara.

Thomas Henry Huxley, wanda ya fi kowa kare Darwin a lokacin, shi ne ya fara jera ƙashin ƙugu da na ƙafar dainoso kusa da na jimina da na ɗan tsako, a ƙarshen shekarun 1860. Ya nuna cewa tsarinsu ɗaya ne a wuraren da ƙadangare da kada suka sha bamban. Ɗaya daga cikin waɗannan wurare duk mai cin kaza zai iya gani. Idan aka cire cinya daga ƙugu aka goge naman, gurbin da kan ƙashin cinya ke shiga ba rufaffen kwano ba ne irin na akuya ko na mutum. Rami ne da ya huda ƙashin ya fita ɗaya gefen, 'yar tantani kawai ta rufe shi. Wannan hudajjen gurbi yana cikin alamomin da ake gane dainoso da su, kuma yana tafiya da tsayuwar ƙafa a miƙe ƙarƙashin jiki, ba a baje gefe-gefe irin ta ƙadangare ba.

Da hujjar Huxley ta ɗore, da labarin ya ƙare tun ƙarni na 19. Wani ɗan siririn ƙashi ne ya dakatar da shi.

Ƙashi mai reshe biyu

A gaban ƙirjin kaza, daidai gindin wuya, akwai wani siririn ƙashi mai reshe biyu kamar gwafa. Masana suna kiransa furkula. Asalinsa ƙasusuwa biyu ne, irin waɗanda mutum ke ji da yatsa kwance daga gindin wuyansa zuwa kafaɗa, amma a tsuntsu sun haɗe a tsakiya sun zama ɗaya. Yana tokare kafaɗu kada su rufta cikin ƙirji yayin bugun fiffike, kuma a wasu tsuntsayen an ɗauki hotonsa yana buɗewa yana komawa tare da kowane bugu. Arkiyofteriks yana da shi, kakkaura ma.

A 1926 wani mai zane ɗan ƙasar Denmak, Gerhard Heilmann, ya fitar da littafi a kan asalin tsuntsaye wanda ya zama abin dogaro na kusan rabin ƙarni. Heilmann ya bi jikin terofoda gaɓa-gaɓa, ya amince cewa babu dabbar da ta kai su kama da tsuntsu. Sai dai a iya saninsa ba a taɓa samun ƙashin gindin wuya a jikin kowane dainoso ba. Ya kuma yi riƙo da wata ƙa'ida ta masanin Beljiyam Louis Dollo, wadda ke cewa gaɓar da zuriya ta rasa gaba ɗaya ba ta dawowa. Lissafin nasa a sarari yake: idan dainoso sun riga sun rasa wannan ƙashi, tsuntsu ba zai gaje shi daga wurinsu ba. Sai ya mayar da asalin tsuntsaye can baya, ga wasu tsofaffin dabbobi da suka riga dainoso, ya ce kamannin da ake gani kama da wane ce kawai.

Hankalin Heilmann bai yi kuskure ba, bayanin da ya gina a kai ne gurgu. Tun 1924, shekara biyu kafin littafinsa, an bayyana wani dainoso daga hamadar Gobi mai suna Obirafta, kuma furkula na nan a jikinsa. An dai ɗauke ta a matsayin wani ƙashi dabam. A 1936 Charles Camp ya bayyana wani ƙaramin terofoda daga jihar Arizona ta Amurka da ƙashin gindin wuyansa a fili, amma maganar ba ta yi nisa ba. Akwai dalilin da ya sa wannan ƙashi ke da wuyar samu. Siriri ne, jijiyoyi ne ke riƙe da shi maimakon gaɓa mai ƙarfi, don haka da gawa ta fara ruɓewa yana cikin na farko da ruwa ko dabba ke ɗaukewa. Idan kuma ya tsira, yana kama da wasu siraran ƙasusuwa da ke jere a fatar cikin dainoso. Furkular Alosoras, wani babban terofoda na Amurka, ta daɗe a ɗakunan ajiya da sunan ƙashin ciki.

Da aka san abin da ake nema, sai ta riƙa fitowa ta ko'ina: a Belosirafta, a Tiranosoras, har a Silofaisis da ya rayu fiye da shekara miliyan 200 da suka wuce. Ɗaya daga cikin misalan ma daga ƙasar Nijar ya fito. A 1997 tawagar Paul Sereno na Jami'ar Chicago ta haƙo wani ƙaton terofoda a Gadufawa, cikin Tenere, kudu maso gabashin Agadas. Tsawonsa ya kai mita 11, bakinsa dogo siriri na kamun kifi, kuma ya rayu kimanin shekara miliyan 110 baya, lokacin da wurin ke da manyan koguna. An ba shi suna Sukomimus a 1998, a 2007 kuma aka wallafa bayanin furkularsa tare da ta Tiranosoras. Sukomimus ba kakan tsuntsu ba ne, dangi ne na nesa a cikin gidan terofoda, kuma dabba mai nauyin tan da dama ba ta da abin yi da bugun fiffike. Darajar shaidarsa ke nan. Ta nuna ƙashin ya daɗe a gidan, yana aikin tokare kafaɗun hannuwan kama abinci, tun kafin tashi sama ya same shi ya ba shi sabon aiki.

Wuyan hannu

Mutumin da ya tayar da maganar Huxley daga barci shi ne John Ostrom na Jami'ar Yale. A 1964, a jihar Montana, ya ci karo da ƙasusuwan wani terofoda mai tsawon kimanin mita 3, da wani babban farce mai lanƙwasa a yatsa na biyu na kowace ƙafa. Ya bayyana shi a 1969 da sunan Dainonikus. Farcen ne ya yi suna a duniya, amma abin da ya sauya ilimin yana wuyan hannu. A can akwai wani ɗan ƙashi mai siffar rabin wata, wanda ke ba hannu damar karkata gefe ya nufi baya, ya kwanta kusa da damtse.

Wuyan hannun mutum yana lanƙwashewa sosai gaba da baya, amma gefe kaɗan yake zuwa. Na tsuntsu akasin haka ne, kuma da wannan karkatar gefe yake naɗe fiffikensa ya kwantar a jiki. A 1970 Ostrom yana duba wani dutsen Solnhofen a gidan tarihin Teylers da ke Haarlem a ƙasar Holan, wanda aka ajiye fiye da shekara ɗari da sunan wata dabba mai fiffiken fata, sai ya ga sawun gashi. Wannan ya sa ya bi samfuran Arkiyofteriks ɗaya bayan ɗaya, kuma a hannuwansu ya ga abin da ya baro a Montana: yatsu uku dogaye, na tsakiya ya fi tsawo, na farko mai gaɓa biyu, na biyu uku, na uku huɗu, da wuyan hannu mai tsari ɗaya.

Yatsun nan uku ba su ɓace ba. A tsinin fiffiken kaza akwai ƙasusuwa biyu da suka haɗe, da wani ɗan tsiro a gefe wanda sau da yawa ke ɗauke da ɗan ƙaramin farce. Jimina tana da farata a fiffike. Wani tsuntsu na dazuzzukan Amazon, hoyatsin, 'ya'yansa na hawa reshe da faratan fiffikensu kafin su girma su rasa su.

A nan ya kamata a faɗi yadda ake auna irin wannan shaida, domin kamanni shi kaɗai ba hujja ba ne. Jemage na tashi, tsuntsu na tashi, ba su da kusanci. Abin da ake ƙirgawa shi ne sabuwar siffa, wadda wasu jinsuna suka yi tarayya a kanta kuma babu ita a danginsu na waje. A 1986 Jacques Gauthier ya tattara irin waɗannan siffofi da yawa ya jera su, tsuntsaye suka faɗo can cikin terofoda, kusa da dangin Dainonikus. Jerin kuma yana da tsari, ba a warwatse yake ba. Hudajjen ƙugu na dukkan dainoso ne. Furkula da ƙafa mai yatsu uku a gaba na terofoda ne. Wuyan hannu mai rabin wata na wani ƙaramin gida ne a cikinsu, kuma a wannan gida tsuntsu yake. Kamannin da yanayin rayuwa ya haifar ba ya zuwa a jere haka, gida cikin gida.

Gashin da ya riga fiffike

Har zuwa tsakiyar shekarun 1990, masu shakka suna da tambaya mai ƙarfi: idan haka ne, ina gashin? Amsar ta fito daga lardin Liaoning na arewa maso gabashin ƙasar Sin, inda tokar duwatsu masu aman wuta ta riƙa binne dabbobi a ƙasan tafkuna kimanin shekara miliyan 125 da suka wuce. A 1996 wani manomi ya haƙo ƙaramin terofoda mai gajerun hannuwa da doguwar wutsiya, ɗan uwan Kwamsonatus, da wani baƙin geza na siraran zaruruwa tun daga ƙeya har ƙarshen wutsiya. Aka sa masa suna Sainosorofteriks. Wasu masana suka ce ba gashi ba ne, zaren cikin fata ne da ya tarwatse bayan ruɓewa. Gardamar ta ɗauki shekaru, sai a 2010 aka sa zaruruwan a ƙarƙashin madubin lantarki aka ga ƙananan ƙunsoshin launi irin waɗanda ke cikin gashin tsuntsu. Siffarsu ta nuna launi ja-ja, kuma wutsiyar tana da zobba, ja da fari bi da bi.

A 1998 aka bayyana Kodifteriks, mai girman talotalo, wanda nasa gashin ba ya buƙatar madubi: cikakken gashi ne mai sanda a tsakiya da geza a gefe biyu, a hannuwa da ƙarshen wutsiya. Amma hannuwan gajeru ne ƙwarai, kuma gashin kansa ya tona asiri. Duk wanda ya ɗauki dogon gashin fiffiken tattabara zai ga sandar ba ta tsakiya. Gefen da ke fuskantar iska siriri ne, na baya mai faɗi. Wannan rashin daidaito shi ke sa gashi ya yanki iska ba tare da ya murɗe ba. Na Arkiyofteriks haka yake. Na Kodifteriks gefe biyun daidai suke, irin na tsuntsun da ba ya tashi. Ke nan gashi ya samu da farko don wani aiki dabam, riƙe ɗumi ko ado ko rufe ƙwai.

Ko inda gashi bai tsira ba, wani lokaci yakan bar sawu a ƙashi. A ƙashin damtsen fiffiken ungulu ko talotalo akwai jerin ƙananan ƙulli inda jijiyoyi ke ɗaure gindin manyan gasu. A 2007 an ƙirga irin waɗannan ƙulli guda shida a damtsen wani Belosirafta daga Mongoliya. Dabbar da fina-finai suka nuna da fata irin ta ƙadangare, a gaskiya mai gashi ce, kuma ba ta fi matsakaicin kare nauyi ba. Girma ma bai hana ba, domin Yutiranas da aka bayyana a 2012, dangin Tiranosoras mai tsawon kusan mita 9, an same shi da dogayen zaruruwan gashi.

Wani ƙorafin ya rage, kuma mai ma'ana ne. Duk waɗannan dabbobi sun zo bayan Arkiyofteriks da miliyoyin shekaru, to yaya jika zai riga kakansa? Amsa ta farko ita ce babu wanda ya ce su ne kakannin. 'Yan uwa ne da suka riƙe siffar kakan da suka haɗa. Amsa ta biyu ta fito daga ƙasa a 2009, lokacin da aka bayyana Ankiyonis daga Liaoning, mai gashi a hannuwa da ƙafafu duka, a cikin duwatsun da suka kai kimanin shekara miliyan 160. Ya girmi Arkiyofteriks da kusan miliyan 10.

Kasuwar waɗannan duwatsu ta jawo abin kunya guda. A 1999 mujallar National Geographic ta tallata wani samfuri daga Liaoning, mai jikin tsuntsu da wutsiyar dainoso, wanda aka fitar da shi daga Sin ta bayan fage aka sayar a Amurka a kan dala 80,000. Haɗi ne. An manna gaban wani tsohon tsuntsu da wutsiyar wani ƙaramin dainoso don a ƙara masa kuɗi. Hoton na'urar da ke leƙa cikin dutse ya nuna gutsattsarin ba su dace da juna ba, sannan masanin ƙasar Sin Xu Xing ya gano ɗaya ɓarin dutsen wutsiyar, manne da jikin wata dabba dabam. Har yau ana jin masu kafa hujja da wannan labari don rushe batun duka, suna mantawa cewa masanan fannin ne suka tona shi cikin 'yan watanni. Mai wutsiyar ta gaskiya kuma, Maikurorafta, da aka samu cikakkunsa daga baya, ya fi na jabun ban mamaki: dainoso ne mai girman hankaka da dogayen gasu na tashi a hannuwa da ƙafafu.

Ƙwai, kwanci da numfashi

Ƙashi yana nuna siffa. Hali ya fi wuyar kamawa. Obiraftan nan na Gobi an same shi a 1923 a kan tarin ƙwai, aka ɗauka na wata dabba ne ya zo sata, kuma ƙazafin ya bi shi shekara saba'in. A 1993 tawagar Mark Norell ta gidan tarihin halittu na New York ta sami irin wannan ƙwai a Ukhaa Tolgod da ɗan tayi a ciki, sai ga shi ɗan gidan Obirafta ne. A wurin kuma suka haƙo babba zaune a tsakiyar da'irar ƙwai aƙalla 15, ƙafafu a naɗe ƙarƙashin jiki, hannuwa a baje sun kewaye gefen sheƙar. Duk wanda ya taɓa ɗaga kaza mai kwanci ya san wannan zama. Hannu tsirara a baje haka ba zai rufe komai ba. Zaman yana da ma'ana ne idan akwai dogon gashi a hannun.

Masu kiwon kajin ƙwai sun san cewa idan abinci ya gaza sinadarin kalsiyam, ɓawon ƙwai ya yi laushi, ƙafafun kaza su raunana. Dalili shi ne kazar na ciro sinadarin daga ƙashinta. Kafin ta fara saka ƙwai, jikinta na shimfiɗa wani ƙashi na musamman mai saurin narkewa a cikin ramin ɓargo, ajiya ce ta yin ɓawo, kuma idan ta daina saka ƙwai sai ya ɓace. Zakara ba shi da shi. A 2005 Mary Schweitzer ta ba da rahoton irin wannan shimfiɗa a cikin ƙashin cinyar wani Tiranosoras daga Montana mai shekara miliyan 68. Sa'a ce ta sa aka gani, domin dunƙulen dutsen ya fi ƙarfin jirgi mai saukar ungulu da zai ɗauke shi, sai da aka raba shi biyu ƙashin ya buɗe. Dabbar mace ce, kuma ta mutu a lokacin saka ƙwai.

A shekarar 2005 ɗin dai aka bayyana ƙugun wata 'yar gidan Obirafta daga Sin da ƙwai biyu masu ɓawo a ciki, ɗaya a kowane gefe. Kada tana da mahaifar ƙwai biyu, tana zuba ƙwai da yawa a zama ɗaya. Kaza tana da guda ɗaya mai aiki, ta hagu, tana yin ƙwai ɗaya a lokaci guda. Wannan dainoso yana tsakiya: mahaifa biyu irin ta kada, amma kowace ƙwai ɗai-ɗai irin na tsuntsu.

Batun numfashi ya fi buƙatar taka-tsantsan. Huhun tsuntsu ba ya kumbura ya saki kamar namu. Wasu jakunkunan iska ne, guda tara a jikin yawancin tsuntsaye, ke tura iska ta ratsa shi ta hanya ɗaya. Rassan jakunkunan suna kutsawa cikin ƙashi, shi ya sa babban ƙashin fiffiken kazar da ta manyanta yake fayau babu ɓargo sosai, da ɗan rami kusa da kafaɗa inda iskar ke shiga. An sami irin waɗannan ramuka a ƙashin wuya da na baya na terofoda da yawa, kuma a 2005 Patrick O'Connor da Leon Claessens sun nuna cewa a jikin Majungasoras na Madagaska ramukan suna wuraren da jakunkunan gaba da na baya ke shiga a tsuntsu. Sai dai ƙasusuwa masu iska ba na terofoda kaɗai ba ne. Dainoso masu dogon wuya suna da su, ciki har da Nijarsoras na Gadufawa wanda wasu sassan ƙashin bayansa suka yi sirantar takarda, haka ma dabbobi masu fiffiken fata. A 2010 kuma Colleen Farmer ta nuna cewa iska na bin hanya ɗaya a huhun kadan Amurka. Saboda haka wannan shaida ce ta babban dangi, ba ta nuna takamaiman gidan da tsuntsu ya fito ba. Haka tsakuwar ƙundu: an sami tarin tsakuwa a cikin Kodifteriks, amma kada ma na haɗiye duwatsu. Marubuta da yawa kan jera su duka a matsayin hujja ɗaya, alhali nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Abin da bai warware ba, da abin da aka rasa

Ƙalubale mafi nauyi da masu adawa irin su Alan Feduccia suka kawo yana kan yatsun nan uku. Burbushi ya nuna a fili cewa terofoda na farko suna da yatsu biyar, na huɗu da na biyar suka yi ta ƙanƙancewa har suka ɓace, aka bar na ɗaya, na biyu da na uku. Amma idan aka duba ɗan tayin kaza a cikin ƙwai, yatsun fiffike suna tsirowa ne a guraben na biyu, na uku da na huɗu. A 1999 Günter Wagner da Gauthier suka kawo bayanin cewa gurbi da siffa abubuwa biyu ne: yatsa na iya tsirowa a gurbi na biyu amma ya karɓi umarnin ginuwa irin na yatsa na ɗaya. Binciken ƙwayoyin gado daga baya ya nuna yatsan farko na fiffiken kaza yana ɗauke da alamun babban yatsa. Yadda sauyin ya faru da lokacin da ya faru, masana na ci gaba da muhawara a kai. A ganina tambaya ce ta gaskiya, amma siffa ɗaya mai rikitarwa ba ta rinjayi tarin waɗanda suka daidaita ba, musamman tunda masu adawar ba su taɓa nuna wata dabba dabam da ta fi terofoda dacewa ba.

Abubuwan da tsuntsu ya zubar a hanya su ma suna da tarihi a dutse. Wutsiyar Arkiyofteriks tana da gaɓoɓi fiye da 20. Bayan kimanin shekara miliyan 25, tsuntsayen Liaoning irin su Kwanfushiyasonis sun riga sun dunƙule ƙarshenta ta zama ɗan guntun ƙashin da ke cikin bindin kaza a yau. Da wutsiya ta tafi, nauyin jiki ya koma gaba, cinya ta kwanta ta ɓuya a jiki, tafiya ta koma daga gwiwa. Gaɓar da mutane ke gani a ƙafar jimina ko zalɓe suna cewa gwiwa ce mai kallon baya, idon sawu ne. A kan yatsu suke tafiya, kamar kowane terofoda. Haƙora sun fi daɗewa. Tsuntsayen teku da Othniel Marsh ya bayyana daga Kansas a shekarun 1870 suna da fiffike ko ƙafar iyo irin na zamani, amma bakinsu da haƙora. A 2006 Matthew Harris da John Fallon sun lura cewa 'yan tayin wata kaza mai lahani a ƙwayar gado, waɗanda ba sa kaiwa ƙyanƙyashewa, suna fara tsiro da haƙora masu tsini irin na jaririn kada.

Shekara miliyan 66 da suka wuce wani dutse daga sararin samaniya, mai faɗin kimanin kilomita 10, ya faɗo a yankin Yucatán na Meziko. Ya tafi da duk manyan dainoso, ya kuma tafi da yawancin tsuntsayen zamanin, har da duk masu haƙora. Reshe ɗaya ne ya fita, na marasa haƙori. Wasu masana na ganin baki mai iya tsince ƙwayar tsirrai ne ya cece su, domin iri na daɗewa a ƙasa bayan ganye da ƙwari sun ƙare. Wasu na ganin zama a ƙasa ne, tunda dazuzzuka sun ƙone. A 2020 Daniel Field da abokan aikinsa na Jami'ar Cambridge suka ba da rahoton yadda suka leƙa cikin wani dutse da bai fi tafin hannu ba, daga wata mahaƙa a Beljiyam kusa da iyakar Holan, suka ga kusan cikakken ƙoƙon kan tsuntsu da ya rayu ƙasa da shekara miliyan ɗaya kafin faɗowar dutsen. Sun sa masa suna Astariyonis. Dogayen ƙafafu gare shi na mai yawo a bakin teku, gaban kansa irin na kaza, bayansa irin na agwagwa, kuma sun ajiye shi kusa da kakan da kaza, zabo, talotalo da agwagwa suka haɗa.